Shekara nawa yumɓu zai yi yana nutsewa? Jagorar lissafin lokacin matsewar ƙasa

Idan aka ɗora ciko ko gini a kan yumɓu mai laushi wanda ruwa ya cika shi, tambayoyi biyu ne ke gaban injiniya. Ta farko: ƙasar za ta nutse da nawa? Ta biyu: a cikin wane lokaci? Ta biyun ce ke nuna ko za a iya shimfiɗa kwalta bana, ko sai an jira, ko kuma sai an kashe kuɗi an gaggauta fitar ruwan. Wannan jagora a kanta take, kuma za mu bi misali ɗaya daga ɗakin gwaji har zuwa fili.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa ba shi da wuyar ganewa. Yumɓun da ke ƙasa da matakin ruwa ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, kuma duk ƙofofin da ke tsakaninsu cike suke da ruwa. Ruwa ba ya matsuwa, don haka a ranar da aka ɗora nauyi shi ne ke ɗauke kusan dukkansa, matsinsa ya tashi. Sai ya fara neman hanyar fita a hankali. Gwargwadon ruwan da ya fita, gwargwadon yadda nauyin ke komawa kan ƙwayoyin yumɓun, su matsu da juna, saman ƙasa ya yi ƙasa. Mai yin awara ta san wannan: ta ɗaure ta a ƙyalle, ta ɗora dutse, ba nan take take yin tauri ba sai ruwan ya tsane, kuma falle mai sirara yakan riga curi mai kauri tsanewa nesa ba kusa ba. A yashi ruwan kan fita tun ana cikin aiki. A yumɓu yana iya ɗaukar shekaru.

Karl Terzaghi ne ya tsara lissafin wannan a shekarun 1920, kuma har yau da shi ake aiki. Duk jagorar nan a kan dabara ɗaya ta tsaya:

```
Tv = cv × t / Hdr²
```

A nan t shi ne lokacin da ya wuce tun da aka ɗora nauyi. cv ma'aunin saurin matsewar yumɓun ne, ana auna shi da murabba'in mita a shekara. Hdr shi ne tafiya mafi nisa da ɗigon ruwa zai yi a cikin yumɓun kafin ya tarar da ƙasar da za ta bar shi ya wuce. Tv kuwa lamba ce kawai wadda ba ta da awo, kuma kowane matakin matsewa yana da tasa. Matakin matsewar ana kiransa U: kason nutsewar ƙarshe da aka riga aka samu. Ga waɗanda ake yawan bukata:

```
U = 50%   Tv = 0.197
U = 70%   Tv = 0.403
U = 80%   Tv = 0.567
U = 90%   Tv = 0.848
U = 95%   Tv = 1.129
```

Dubi yadda tazarar ke buɗewa. Daga farko zuwa kashi 50 ana bukatar 0.197, amma daga kashi 50 zuwa 90 sai an ƙara fiye da ninki uku na hakan. Rabin farko na nutsewa yana zuwa da gudu, sauran yana jan ƙafa, domin matsin da ke tura ruwan yana raguwa yayin da ruwan ke fita. A bisa lissafin ma ba a taɓa kaiwa kashi 100 cif, shi ya sa ake ɗaukar kashi 90 ko 95 a matsayin an gama.

Misalin da za mu bi

Za a yi cikon hanya mai tsayin mita 4 a kan fadama, yana shiga wata gada. Ramukan bincike sun nuna yashi mita 1 a sama, sai yumɓu mai laushi mai kaurin mita 6, ruwa kuma yana dab da saman ƙasa. Cikon na da nauyin kilonyutan 20 a kowace mita kubik, wato ƙarin matsi na kilofaskal 80. Cikon yana da faɗi sosai, don haka za mu ɗauka matsin ya kai har ƙasan yumɓun ba tare da raguwa ba.

Tun kafin maganar lokaci, sai an san nutsewar ƙarshe. A ce gwaji ya ba da ma'aunin matsuwa mv na 0.0005 ga kowane kilofaskal:

```
S = mv × Δσ × H
S = 0.0005 × 80 × 6 = 0.24 m
```

Milimita 240 ke nan. Gadar na kan turaku, ba za ta motsa ba, don haka duk nutsewar da ta rage bayan an yi kwalta za ta fito ne a matsayin tudu a bakin gada. A ce masu aikin sun yarda da milimita 50 kawai bayan buɗe hanya.

Mataki na farko: fitar da cv daga gwajin odomita

Ana yanko faifan yumɓu daga samfurin da ba a dagula ba, faɗinsa wajen milimita 75, kaurinsa milimita 20, a sa shi cikin zoben ƙarfe, a sa dutse mai tsotse ruwa a samansa da ƙasansa, a nutsar da shi cikin ruwa. Sai a riƙa ɗora nauyi mataki-mataki, kowane mataki ninkin na baya, kamar kilofaskal 25, 50, 100, 200, 400, kowanne a bar shi awa 24. A kowane mataki ana karanta agogon awo a lokutan da aka tsara: daƙiƙa 15, minti 1, minti 2.25, 4, 9, 16, 25, 36, har zuwa ƙarshen yini. Ba a banza aka zaɓi waɗannan lambobi ba. In aka ƙirga su da minti, √t ɗinsu yana fitowa sumul: 0.5, 1, 1.5, 2, 3, 4, 5, 6.

Kowane matakin nauyi yana ba da cv nasa, kuma ba ɗaya suke ba. Kada ka tara su ka raba. Zaɓi matakin da ya yi daidai da abin da yumɓun zai gani a fili. A misalinmu, tsakiyar yumɓun na ɗauke da kimanin kilofaskal 35 yanzu, bayan ciko zai kai 115, don haka matakin 50 zuwa 100 shi ne ya fi kusa. Wannan zaɓi yana da nauyi, domin yumɓu yakan ba da cv babba ƙwarai a matsin da ya taɓa ɗauka a tarihinsa, sannan cv ɗin ya faɗi da zarar an wuce wannan matsi. Wanda ya ɗauki lambar matakin farko zai yi wa mai aiki alkawarin lokacin da ba zai cika ba.

Hanyar Taylor ita ce aka fi saurin yi. Zana karatun agogo a tsaye, √t a kwance. Sashen farko na zanen, har wajen kashi 60 na matsewa, miƙaƙƙen layi ne. Ɗora rula a kan waɗannan ɗigogi, ka ja layin ya koma baya har ya taɓa layin tsaye. Inda ya taɓa shi ne sifirin gaskiya, kuma yawanci yana ɗan ƙasa da karatun farko, saboda 'yar iska da zaman na'urar kanta sukan ba da ɗan motsi nan take wanda ba matsewa ba ne. Daga wannan sifiri sai ka ja layi na biyu wanda a kowane mataki nisansa a kwance ya ninka na layin farko sau 1.15. Wato in layin farko ya ratsa wani mataki a 4.0, sai ka sa ɗigo a 4.6 a kan wannan matakin, ka haɗa shi da sifirin. Inda layi na biyu ya yanke lanƙwasar gwajin, nan ne kashi 90.

A ce ya yanke a √t = 5, wato minti 25. Matsakaicin kaurin samfurin a wannan mataki milimita 19 ne, kuma ruwa na fita sama da ƙasa, don haka Hdr rabinsa ne, milimita 9.5:

```
cv = 0.848 × 9.5² / 25 = 3.06 mm²/min
cv = 3.06 × 0.5256 = 1.6 m²/yr
```

Lambar 0.5256 ita ce ke mayar da murabba'in milimita a minti zuwa murabba'in mita a shekara, kasancewar shekara tana da minti 525,600. Wajen wannan juyi ne kuskure ya fi yawa, kuma kuskuren sifiri ne, ba na ɗigo ba. Na biyu shi ne a sa 19 a madadin 9.5, cv ya kumbura ninki huɗu.

Yana da kyau a gwada da hanyar Casagrande a kan karatun nan ɗin. A can ana zana lokaci a ma'aunin log, a samo ƙarshen matsewa inda layin gangara ya haɗu da layin wutsiya, a samo sifiri ta hanyar ɗaukar lokuta biyu na farko-farko da ɗaya ya ninka ɗaya sau huɗu, sannan a karanta lokacin da aka kai tsakiyarsu, a yi amfani da 0.197. In ta ba da minti 7, cv zai fito kimanin 1.3. Ba abin damuwa ba ne. An saba hanyar Taylor ta ba da lamba mafi girma. Amma in bambancin ya kai ninki biyu ko uku, koma ka duba zanen. Sau da yawa za ka tarar sashen farko bai miƙe ba, alamar samfurin bai cika da ruwa ba, ko ya dagule wajen ɗauka, ko zoben yana riƙe shi.

Akwai kuma duba na hankali. Ainihin cv haɗin abubuwa biyu ne, sauƙin ratsawar ruwa, wato k, da laushin ƙasa, wato mv; γw kuwa nauyin ruwa ne a kowace mita kubik:

```
cv = k / (mv × γw)
```

In ka juya ta da lambobinmu, k zai fito kimanin 2.5 × 10⁻¹⁰ mita a daƙiƙa, wanda ya dace da yumɓu. Da ya fito irin na yashi, ka san akwai inda lissafi ya karkace.

Mataki na biyu: tantance Hdr

A nan ya kamata a fi daɗewa, domin cv yana shiga lissafin sau ɗaya ne, Hdr kuwa ana ninka shi da kansa. Kuskuren kashi 20 a cv yana ba da kuskuren kusan kashi 20 a lokaci. Kuskure wajen sanin abin da ke ƙarƙashin yumɓu yana ba da ninki huɗu.

Ƙa'idar ita ce: in akwai yashi ko tsakuwa a sama da ƙasan yumɓu, ruwan da ke tsakiya ne ya fi kowa nisa, kuma rabin kaurin zai yi, ko sama ko ƙasa. Hdr rabin kauri ke nan. In kuwa ƙasan yumɓun dutse ne marar tsaga, ko wani yumɓu mai tauri da ba ya barin ruwa, to ruwan da ke can ƙasa sai ya ratso kaurin gaba ɗaya zuwa sama. Hdr cikakken kauri ke nan.

Me ya sa ninki huɗu, ba biyu ba? Idan hanya ta ninka, abubuwa biyu ne ke faruwa tare. Ruwan da zai bi ta ƙofa ɗaya ya ninka yawa, sannan matsin da ke tura shi ya bazu a kan tazara mai ninki biyu, saboda haka gudunsa ya ragu da rabi. Ruwa ninki biyu, gudu rabi: lokaci ninki huɗu.

Ga shi a misalinmu. In yashi ne a ƙasa, Hdr mita 3:

```
t50 = 0.197 × 3² / 1.6 = 1.1 yr
t90 = 0.848 × 3² / 1.6 = 4.8 yr
```

In ƙasan a toshe yake, Hdr mita 6:

```
t50 = 0.197 × 6² / 1.6 = 4.4 yr
t90 = 0.848 × 6² / 1.6 = 19 yr
```

Yumɓu ɗaya, ciko ɗaya, nutsewar ƙarshe milimita 240 a duka biyun. Amma a na farko ɗan kwangila zai ga yawancinta da idonsa, a na biyu kuwa hanyar za ta kai lokacin gyaranta na farko tana ci gaba da sauka. Wannan dalili ne ma ya sa gwajin minti 25 ke iya yin magana a kan shekaru: mita 3 ya ninka milimita 9.5 sau 316, in aka ninka 316 da kansa ya kusa 100,000, kuma minti 25 sau 100,000 ya kai wajen shekara huɗu da wata tara.

To ta yaya za ka san gaskiyar abin da ke ƙasa? Da farko, ramin bincike dole ya huda yumɓun ya shiga abin da ke ƙarƙashinsa da 'yan mitoci. Rahoton da ya tsaya a cikin yumɓun bai amsa tambayar ba, komai yawan gwajin da aka yi. Na biyu, ganin yashi a rami ɗaya bai isa ba. Yashin zai zama mafitar ruwa ne kawai in shimfiɗaɗɗe ne, yana da inda yake kai ruwan. Aljihun yashi da yumɓu ya kewaye ta kowane gefe ba ya fitar da komai. Matsinsa zai tashi tare da na yumɓun. Jera ramukan a zane ɗaya ka ga ko layin yashin yana bayyana a dukkansu a zurfi mai kama da juna.

Haka batun siraran layukan yashi a tsakiyar yumɓu, waɗanda suka yawaita a ƙasar da kogi ya shimfiɗa, inda kowace ambaliya ke barin nata. In ka tsaga samfuri a tsaye ka bar shi ya ɗan sha iska, za ka ga layukan suna bushewa da wuri, suna yin haske a tsakanin yumɓu mai duhu. Wasu ba su wuce kaurin farce ba. Layi ɗaya mai zarcewa a tsakiyar yumɓunmu, tare da yashi sama da ƙasa, zai mayar da Hdr mita 1.5, lokacin kashi 90 ya sauko daga shekara 4.8 zuwa 1.2. Mai gwaji a ɗaki kuwa yakan zaɓi wurin da yumɓu ya fi tsabta ya yanka faifansa, saboda shi ne ke yankuwa da kyau. Wannan na cikin manyan dalilan da ke sa nutsewa a fili ta riga abin da gwajin odomita ya faɗa, wani lokaci da ninki mai yawa. Gwajin tura mazugi mai auna matsin ruwa yana kama irin waɗannan layuka fiye da ɗibar samfuri jefi-jefi, domin yana karatu ba yankewa daga sama har ƙasa.

Shawarata: in ba ka da tabbacin ƙasan, lissafa duka biyun ka kai wa mai aiki. Kuɗin ƙarin rami ɗaya ko biyu ba komai ba ne kusa da bambancin shekara 5 da 19.

Mataki na uku: amsa tambayoyin da za a yi maka

Ba wanda zai tambaye ka kashi 90. Za a ce: bayan shekara ɗaya, nawa ya rage? Sai ka juya lissafin, ka samo Tv daga lokaci, sannan U daga Tv. Dabaru biyu sun wadatar:

```
U < 60%:  Tv = (π/4) × (U/100)²
U > 60%:  Tv = 1.781 − 0.933 × log10(100 − U)
```

Da mafita biyu, bayan shekara 1 Tv ya zama 1.6 a raba da 9, wato 0.178. Dabarar farko ta ba da kashi 48, nutsewar milimita 114, saura 126. Da mafita ɗaya Tv 0.044 ne, kashi 24, milimita 57 kacal, saura 183.

Sharaɗinmu shi ne kada abin da ya rage ya wuce milimita 50. Wato sai an samu 190 cikin 240, kashi 79. Dabara ta biyu ta ba da Tv kimanin 0.55, lokacin kuma shekara 3.1 da mafita biyu, ko 12.4 da mafita ɗaya.

Gyara ɗaya ƙarami: lissafin ya ɗauka an ɗora nauyin duka a rana ɗaya, alhali tifa-tifa ake kawo shi. Hanyar da aka saba ita ce a fara ƙirga daga tsakiyar lokacin aikin. In cikon ya ɗauki wata 6, agogo ya fara daga ƙarshen wata na 3. Ga lissafin shekara 12 wannan ba ya canza komai, ga na shekara ɗaya kuwa yana da tasiri.

Mataki na huɗu: in lokacin ya yi yawa

Mutane da yawa suna zaton ƙara nauyi yana gaggauta matsewa. A dabarar Tv babu nauyi ko kaɗan. Kashi 50 zai zo a lokacinsa ko ciko mita 4 ne ko 6. Abin da ƙarin nauyi ke yi shi ne ɗaga nutsewar ƙarshe, ta yadda milimitocin da kake nema za su zama ƙaramin kaso nata. Ƙara mita 2 na wucin gadi: matsi ya zama kilofaskal 120, nutsewar ƙarshe milimita 360, sai dukan 240 ɗin da cikon mita 4 zai jawo ta zama kashi 67. Tv ɗinsa 0.36 ne, shekara 2 da mafita biyu, sannan a kwashe ƙarin. Amma da mafita ɗaya shekara 8 ce, ba ta magance komai ba. Kuma dole a duba ko yumɓu mai laushi zai iya ɗaukar mita 6 ba tare da gefen cikon ya zame ba, domin a farkon lodi, lokacin da matsin ruwa ke sama, ƙasar ta fi rauni.

Maganin da ke taɓa tushen matsalar shi ne rage tafiyar ruwan. Ana cusa magudanai a tsaye cikin yumɓun, ko turakun yashi, ko kintinkirin roba mai faɗin milimita 100 da kaurin wajen 4, an naɗe shi da ƙyallen tacewa. A sama a shimfiɗa yashi mai tsabta da zai kwashe ruwan zuwa gefe. Yanzu ruwa ba sai ya hau mita 6 ba, zai tafi a kwance ƙasa da mita ɗaya ya faɗa magudana. In an jera su a tsarin kusurwa uku da tazarar mita 1.5, kowace tana kula da da'ira mai faɗin 1.05 sau tazarar, wato mita 1.58, shi ne de a dabarar da ke ƙasa. Kintinkirin ana ɗaukarsa kamar bututu mai faɗin milimita 66, don haka n, rabon faɗin biyun, kusan 24 ne:

```
F = ln(n) − 0.75 = 2.42
t90 = 2.303 × F × de² / (8 × ch)
t90 = 2.303 × 2.42 × 1.58² / (8 × 1.6) = 1.1 yr
```

Daga shekara 19 zuwa wata 13, kuma ba tare da an ƙirga ɗan ruwan da ke fita ta sama ba. In aka rage tazarar zuwa mita 1.2, ya koma wajen wata 7 da rabi. Na sa ch, wato ma'aunin saurin matsewa idan ruwa na tafiya a kwance, daidai da cv da gangan. Gaskiya ruwa yakan fi saurin tafiya a kwance cikin yumɓu mai layi-layi, amma ƙarfen da ke cusa kintinkirin yana dagula yumɓun da ke kewaye da shi, ya shafe shi, ya rage masa ratsuwa daidai inda duk ruwan zai bi. Wanda ya ƙirga ribar farko ya manta da asarar ta biyu zai yi gajeren lissafi.

Filin jirgin saman Kansai na Japan, wanda aka gina a kan tsibirin ciko aka buɗe a 1994, ya nuna fuskokin biyu a wuri ɗaya. Yumɓu mai laushi na sama, mai kaurin kusan mita 20, an cusa masa turakun yashi wajen miliyan ɗaya, kuma ya gama yawancin nutsewarsa tun ana cikin gini. Yumɓun da ke can ƙasa kuwa, inda turakun ba su kai ba, mafitarsa layukan yashi ne na halitta, kuma shi ne ya ci gaba da saukar da tsibirin shekaru da dama bayan buɗewa.

Mataki na biyar: bari fili ya gyara lissafin

Duk abin da ke sama hasashe ne har sai an auna. Kafin ciko, a ajiye farantan ƙarfe a saman ƙasar asali, kowanne da sanda a tsaye cikin bututun kariya, ana ƙara masa tsawo yayin da ciko ke hawa. A riƙa ɗaukar lebur daga alamar da ke nesa da cikon, a kan wurin da ba ya nutsewa. A kuma binne fizomita, na'urar auna matsin ruwa, a tsakiyar yumɓun da kuma kusa da ƙasansa. A yi wa sandunan fenti a kewaye su, domin direban gireda ba ya ganin sandar da ba a yi wa alama ba, kuma faranti da aka buge ya tafi da tarihinsa.

Fizomita ce ke yanke hukunci a kan Hdr. In ta kusa da ƙasan yumɓu tana sauka da wuri fiye da ta tsakiya, ƙasan a buɗe yake. In ita ce ta fi kowa riƙe matsi, a toshe yake, sai a koma lissafin mafita ɗaya. Kada ka rikita karatun na'ura ɗaya da U, wanda matsakaici ne na kaurin duka. Da mafita biyu, lokacin da matsakaicin ya kai kashi 50, tsakiyar yumɓun na riƙe da kusan kashi 78 na matsin farko, wato kilofaskal 62 cikin 80. A kashi 90 za ta sauko wajen 13.

Daga karatun faranti kuma hanyar Asaoka tana ba da nutsewar ƙarshe ba tare da jiran ƙarshen ba. Ɗauki karatu a tazarar lokaci iri ɗaya bayan an gama lodi, misali kowane kwana 30. Zana kowane karatu a tsaye, wanda ya gabace shi a kwance. Bayan an wuce rabin matsewa ɗigogin sukan jeru a layi, kuma inda layin ya haɗu da layin digiri 45 nan ne nutsewar za ta tsaya. In aka yi ta da wuri, tana ba da lamba ƙasa da gaskiya, don haka kada a kwashe ƙarin ciko a kan karatun watanni biyu ko uku na farko.

In matsin ruwa ya koma yadda yake tun asali amma faranti na ci gaba da sauka kaɗan-kaɗan, wannan ba matsewar da muke lissafawa ba ce. Ƙwayoyin ne ke ci gaba da gyara zama a ƙarƙashin nauyi, kuma ya fi tsanani a ƙasa mai ruɓaɓɓun tsirrai, irin wadda ake samu a Legas da yankin Neja Delta. Magudanai ba sa gaggauta shi, kuma ana lissafa shi daban daga wutsiyar zanen Casagrande. Haka nan baƙar ƙasa mai tsagewa ta yankin Tafkin Chadi, wadda ke kumbura da damina ta tsuke da rani: a saman matakin ruwa ba ta cika da ruwa ba, motsinta na bin jiƙa da bushewa ne, don haka Tv da Hdr ba su da abin faɗa a kanta. Kafin ka fara lissafin nan, tabbatar yumɓun da kake magana a kai yana ƙarƙashin matakin ruwa duk shekara, har da ƙarshen rani.